Ranar da tela ya rufe karɓar ɗinki ita ce Sallar mai atamfa

Duk wanda ya taɓa leƙa shagon tela a goman tsakiya na azumi ya san abin da zan faɗa. Ledoji ne jibge tun daga ƙasa har kusa da rufi, kowace an liƙa mata ɗan ƙyalle ko guntun takarda mai ɗauke da suna da awo. Keke na ta gudu, yaro na guga a gefe, maigidan ko ɗago kai ba ya yi. Mace ta shigo da sabon turmi a hannu, ta gaishe shi, ta ce don Allah a taimaka. Amsar ɗaya ce: “Hajiya, wallahi na rufe. Sai dai bayan Sallah.” Ta juya da turminta.

Wannan amsa ta tela ita ce ta fi komai tasiri a kan cinikin mai sayar da atamfa da shadda da leshi, amma ita ce ba kasafai yake sa ta a lissafinsa ba. Yawancin ƙananan 'yan kasuwa ranar Idi suke kallo, su ce ai saura sati uku, kasuwa yanzu ta fara. Alhali yadi ba abin sawa ba ne sai an ɗinka shi. Daga ranar da telolin unguwarku suka daina karɓar aiki, mai saye ba shi da dalilin gaggawar sayen yadi, domin ko ya saya ba da shi zai je Idi ba. Kasuwar mai yadi tana fara zafi ne a watan Sha'aban, ta kai ƙololuwa a farkon azumi, sannan ta faɗi tun mutane ba su fara maganar jajibere ba. Wanda ya je Kantin Kwari ya yi babban sari a ranar sha biyar ga azumi, kayan da ya ɗauko rabinsu kwantai ne tun kafin a kwance ɗaurin.

Saboda haka shirin haja daga wannan rana yake farawa, a yi lissafi a koma baya. Ranar kuwa ba a rubuce take a kalanda ba, tambaya ake yi. Ka zaga teloli huɗu ko biyar waɗanda kwastomominka suka fi kai wa ɗinki, tun a watan Rajab, ka ji yaushe suka rufe bara kuma yaushe suke sa ran rufewa bana. Za ka tarar ba ɗaya suke ba. Telan da ya yi suna yakan rufe tun kafin a ga watan azumi. Masu ɗinkin maza da ke haɗawa da aikin wuya ko babbar riga suna rufewa da wuri, domin kayan sai sun bi ta hannun mai aiki kafin su dawo. Telan cikin layi mai ɗinkin yara shi ne yake jan lokaci har goman tsakiya. Wannan ya nuna maka cewa shaddar manya ita ce za ta riga mutuwa, atamfar mata ta biyo baya, yadin yara ya zo ƙarshe. Yadda za ka jera sarinka ke nan.

Abu na biyu da ke rikita mutane shi ne Sallah ba ta tsayawa wuri ɗaya. Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kwana goma zuwa sha ɗaya, don haka kowace shekara Sallah tana matsowa gaba da wannan adadin. A Najeriya an yi Ƙaramar Sallah ranar 21 ga Afrilu a 2023, ranar 10 ga Afrilu a 2024, sannan ranar 30 ga Maris a 2025. Mai kallo daga nesa zai ce kwana goma ba wani abu ba ne. Amma albashi ba ya bin watan sama, ƙarshen watan Bature yake bi, kuma a garuruwan da ma'aikata suka yi yawa albashi shi ne ke motsa kasuwa.

Dubi bambancin shekaru biyun nan. A 2025 an ɗauki azumi ranar 1 ga Maris. Albashin Fabrairu ya faɗo daidai bakin azumi, lokacin da teloli ke karɓar aiki, amma a lokacin ne kuma maigida ke sayen gero da sukari da sauran kayan buɗa-baki, don haka kuɗi ɗaya ne buƙatu biyu ke ja. Albashin Maris kuwa ya zo ne ana gab da Sallah, ba shi da amfani ga mai yadi, na masu takalma da mayafi da kayan miya ne. A 2024 kuma an fara azumi ranar 11 ga Maris. Albashin Fabrairu ya shigo saura kwana goma a ɗauki azumi, na Maris kuma ya riski mutane wajen ashirin ga wata, lokacin da manyan teloli sun rufe, sai na cikin layi. Shago ɗaya, kwastomomi ɗaya, amma ranakun da ciniki ya yi zafi sun bambanta. Shi ya sa nake ganin littafin ciniki ya kamata ya ɗauki kwanan wata biyu a kowane shafi, na Musulunci da na Bature. Idan ka buɗe na bara, ka san cinikin da ka gani ranar biyar ga azumi na azumin ne ko na albashi ne. A ƙauye kuma ba albashi ake kallo ba, rumbu ake kallo da kasuwar dabbobi. Sallar da ta zo kusa da kaka takan tarar da kuɗi a hannun manomi, wadda ta faɗo lokacin shuka da sayen taki takan tarar da hannunsa a ɗaure.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Alƙaluman na misali ne, kowa ya musanya su da nasa.

Mu ce wata baiwar Allah tana da ɗan shago a wani gari mai nisan tafiyar yini daga Kano, tana kuma tallata kayanta a waya. Jarinta naira miliyan biyu. Tana sarin turmin atamfa a kan naira 10,000. Kuɗin mota da ɗan dako da leda suna ƙara naira 500 a kan kowane turmi, wato ya tsaya mata a 10,500. Tana sayarwa 12,500. Ribarta ta gaskiya naira 2,000 ce, ba 2,500 ba, kuma wannan 500 ɗin da mutane ke mantawa da ita takan cinye kashi ɗaya cikin biyar na abin da suke zaton sun samu.

Littafinta na bara ya nuna ta sayar da turmi 240 a kakar Sallah: 80 a cikin Sha'aban, wajen 130 a kwana goma sha biyun farko na azumi, sai 30 kacal a duk sauran kwanakin har Idi. Kwana goma sha biyu sun ci fiye da rabin cinikin, kwana goma sha bakwai ko sha takwas na ƙarshe kuwa ba su kai kashi ɗaya cikin bakwai ba. A nan sai ta lura da wani abu: cikin 80 ɗin Sha'aban akwai na lefe da na anko, domin mutane da yawa suna son a ɗaura aure a tare kafin azumi. Idan gida ɗaya ya kwashi turmi ashirin na anko bara, wannan ba cinikin Sallah ba ne, kada ta sa rai zai maimaita kansa.

Turmi 240 a kan 10,500 ya kama naira miliyan biyu da dubu ɗari biyar da ashirin, ya fi jarinta. Nan ne mutane da yawa ke tafiya neman bashi ko su karɓi kaya a hannun uban ɗaki da alƙawarin biya bayan Sallah. Ba ta buƙatar haka, domin ba a rana ɗaya za ta sayar da kayan ba, ba kuma a rana ɗaya ya kamata ta saye su ba. Sau uku za ta yi sari.

Sarin farko a farkon Sha'aban: turmi 100, naira miliyan ɗaya da dubu hamsin. Kala ashirin da biyar, kowace guda huɗu. Wannan sarin na jin bakin kasuwa ne. Babu wanda ya san zanen da zai yi yayi bana, har dilan da ke rantse maka cewa wannan ita ce ake rububi, domin shi ma abin da ke cikin shagonsa yake son ya fita. Yayin da ake yi a Kano ba lallai ya zama shi ake yi a garinku ba. Hanyar sani ita ce ka shimfiɗa kala da yawa kaɗan-kaɗan, ka ga wadda hannu ke kai wa.

Bayan sati biyu ta sayar da 60. Amma ba jimillar ce abin dubawa ba, yadda suka fita ne. Kala shida sun ƙare ƙaf. Kala goma sha biyu sun tafi, saura ɗai-ɗai ko bibbiyu. Kala bakwai kuwa, cikin turmi 28 uku kawai aka ɗauka. Yanzu ta san abin da ba ta sani ba ranar da ta shiga Kwari. Akwai kuma wani bayanin da littafi ba ya kamawa sai an sa shi da gangan: abin da aka tambaya babu. Duk wadda ta shigo ta ce “ba ki da irin shuɗiyar nan ta rannan?” ta fita ba ta saya ba, a ja mata layi a bayan littafi. Kalar da ta ƙare a kwana uku aka kuma tambaye ta sau tara ba ɗaya take da wadda ta ƙare a kwana goma sha uku ba, ko da yake duka biyun guda huɗu aka sayar.

Sari na biyu shi ne babba, saura kamar sati ɗaya a ɗauki azumi. A hannunta akwai 950,000 da ta rage, ga 750,000 na ciniki, jimilla miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai. Ta ɗauki turmi 110, wato miliyan ɗaya da dubu ɗari da hamsin da biyar, ta zuba mafi yawansu a kan kala shidan nan da danginsu, saura kuma ta cike waɗanda ke tafiya. Bakwai ɗin da suka ƙi motsi ko kallonsu ba za ta yi ba, ko da an ce an rage mata.

Sai dai akwai tarko a wannan dabara, kuma dole a faɗe shi. Kalar da ta karɓu a wurinta ta yiwu ta karɓu a wurin kowa, ta koma Kwari ta tarar ta ƙare ko an ƙara mata kuɗi. Mafi yawan atamfar da ke kasuwar daga China take zuwa, kuma tafiyar jirgin ruwa da fitar da kaya daga tashar ruwa da hawowa Arewa abu ne na watanni. Ga shi a 'yan shekarun nan hutun sabuwar shekarar Sinawa, wanda masana'antu ke rufewa na makonni, yana faɗowa gab da azumi: ranar 10 ga Fabrairu a 2024, ranar 29 ga Janairu a 2025. Kayan Sallah sun baro can tun kafin hutun. Abin da ya ƙare a hannun manyan diloli ba zai dawo kafin Idi ba. Maganin wannan shi ne kada tazarar sarin farko da na biyu ta yi tsawo, kuma tun sati na farko, da zarar kala ta nuna alama, ta kira dilanta ta tura kafin alƙalami a ajiye mata. Dilan da ka saba biya a kan lokaci zai ajiye maka, baƙo kuwa sai abin da ya tarar.

Sari na uku ciko ne, kuma a nan ne lissafin ranar tela ke aiki. Telolin garinsu sun ce mata wajen sha biyu ga azumi za su rufe. Idan ta yi waya aka haɗa kaya aka kai tasha, kwana uku suke yi kafin direba ya sauke mata. Ranar biyar ga azumi ta ƙirga abin da ya rage a shago: turmi 75, amma 20 daga ciki waɗancan ne marasa tafiya. Masu rai 55 ne. Tana sayar da wajen 11 a rana, kwana bakwai suka rage kasuwa ta yi sanyi, wato tana buƙatar 77. Giɓin turmi 22 ne. Ta yi odar 30 saboda ba a rasa ranar da ciniki zai zarce, su iso ranar takwas, daga nan ta rufe sarin yadi. Da za ta jira sai kanta ta yi fayau ranar goma sannan ta yi waya, kayan za su iso ranar sha uku, kwana ɗaya bayan an rufe. Na taɓa yin irin wannan da kaina. Shago ya cika da mutane, zuciya ta ce a ƙaro, na tura kuɗi ranar da bai kamata ba, motar kuma ta kwana biyu a hanya da matsalar taya. Ɗaurin nan har Babbar Sallah ina kallonsa a lungu, kuma kuɗin da ke cikinsa shi ne ya kamata ya sayo mini mayafai a satin da ake neman su ido rufe.

Me ya sa 30, ba 60 ba? Ga yadda ake auna shi. Kowane ƙarin turmi ɗaya da za ka ɗauka yana da fuska biyu: in ya fita ka ci riba, in ya kwana ka yi asara. Atamfar yayi idan ta wuce lokacinta sai an karyar da ita. Mu ce wadda ta tsaya a 10,500 sai a 7,500 za ta fita bayan Sallah, asarar 3,000 ke nan, ribar kuwa 2,000 ce. Idan ka ɗauki irin wannan turmi biyar, uku suka fita biyu suka kwana, ka ci 6,000 ka yi asarar 6,000, ka tashi a tutar babu. Don haka kayan yayi ba a ƙara su sai kana da yaƙinin fiye da uku cikin biyar za su tafi. Amma ɗauki farar shadda, ko ruwan toka, ko sararin samaniya, irin kalolin da maza ke sawa shekara da shekaru. In ta kwana ba ta tsufa, ana neman ta ranar Juma'a da ranar ɗaurin aure, asararta ba ta wuce ta jiran kuɗi ba, mu ce 500. A nan ko ɗaya cikin biyar ne ya fita da ribar 2,000, ya rufe asarar sauran huɗun. Ma'anar wannan ita ce a saki hannu a kan kayan da ba sa mutuwa, a riƙe hannu a kan masu yayi. Abin da na fi gani a shaguna akasin haka ne, domin mai yayi ita ce ke ɗaukar ido a wurin sari.

Kuɗin da ya dawo daga yadi bayan sha biyu ga wata ba zama zai yi ba. Goman ƙarshe kasuwar abin da ake sawa kai tsaye ce: mayafi, hijabi, ɗankwali, jaka, takalma, hula, turare, da ɗinkakkun kayan yara. Duk wanda tela ya mayar, nan zai zo. Sai dai waɗannan suna da nasu haɗarin, wato lamba. Dozin ɗin takalmin yara yakan zo da lambobi a haɗe, na tsakiya su ƙare a kwana biyu, mafi ƙanƙanta da mafi girma su zauna, kuma ribar dozin ɗin tana cikin waɗanda suka zauna. Mayafi da turare ba su da wannan matsala, don haka mai ƙaramin jari da bai saba da takalma ba gara ya fara da su.

Yanzu maganar rangwame, wadda nake ganin an fi yin ɓarna a cikinta. An ga manyan kantuna suna rubuta “ragin Sallah”, sai kowa ya ɗauka haka ake yi. A koma kan turmin nan mai ribar 2,000. In ta rage naira 1,000, mai saye zai ga ragi kaɗan ne a kan 12,500, amma ita rabin ribarta ta bayar, sai ta sayar da turmi biyu kafin ta samu abin da ɗaya ke ba ta. In ta ce ta rage kashi goma cikin ɗari, 1,250 ke nan, saura 750. Ribar da turmi 100 ke kawowa, naira 200,000, yanzu sai ta sayar da 267 kafin ta gan ta. Ba ta da wannan kayan, ba ta da wannan kwastoman. Ga kuma al'adar kasuwarmu ta tayi: wanda aka rage wa a rubuce zai zo ya sake neman ragi da baki.

To yaushe ragi ke da amfani? A farkon azumi, lokacin da mutane ke tururuwa da kansu, ragi kyauta ce ga wanda dama zai saya. Wurarensa biyu ne. Na farko a farkon Sha'aban, don a jawo masu saye su zo da wuri. Amfaninsa a nan ya wuce cinikin kansa, domin kuɗi na dawowa kafin babban sari, kuma ana gane kalar da za ta tafi tun dila bai ƙarar da ita ba. Na biyu shi ne kan kayan da suka ƙi motsi, kuma lokacinsa tun tela bai rufe ba. Waɗancan turmi 20 ɗin, in ta sa su a 11,000 ranar biyar ga azumi, akwai uwar 'ya'ya biyar da ke neman mai sauƙi, za ta ɗauka, uwar kuɗi ta fito har da ɗan abin da ya hau. In ta riƙe su tana jiran 12,500 har aka sha ruwa ashirin, sai 7,500 bayan Sallah. Mutane suna jin zafin rage 1,500 yau, su je su yi asarar 3,000 bayan wata ɗaya. A ware su a gefe guda, a faɗi farashinsu a fili, kada ragin ya shafi sauran kanta.

Ga wanda ya saya da yawa kuwa, gyara ta fi ragi. Mai ɗaukar turmi uku in aka ɗora mata ɗankwali ko kwalbar turare da aka saro a 700, ta tafi da abin da take gani a hannu, mai shago ta kashe 700 maimakon 3,000, kuma farashin turmi bai karye a bakin mutane ba. Farashin da ya sauka sau ɗaya da wuya ya koma, domin wadda ta saya a 11,500 za ta gaya wa maƙwabciyarta.

Akwai wasu hanyoyi biyu da suka fi kowane ragi jawo mutane, kuma ba sa cin riba. Ɗaya ita ce ajiya da biya kaɗan-kaɗan: tun Rajab kwastoma ta zaɓi kayanta, ta ba da kashi ɗaya cikin uku, a rubuta sunanta a jiki, ta riƙa kawowa har ta cika, kaya ba sa barin shago sai an gama biya. A yanka ranar ƙarshe tun farko, ta kasance kafin a rufe ɗinki da aƙalla sati ɗaya, a kuma yi magana a fili kan abin da zai faru in ba a cika ba, domin kayan da aka saki ranar ashirin ga azumi sun riga sun rasa kasuwarsu. Wannan ya sha bamban da bashi. Bashin Sallah, wanda ake cewa “ɗauki, bayan Sallah kya kawo”, yana fitar da kaya a lokacin da suka fi daraja, ya dawo da kuɗi a lokacin da aljihun kowa ya bushe, in ma ya dawo. Ɗaya hanyar kuma ita ce haɗa kai da tela: a yi yarjejeniya da shi ya ware gurbin ɗinki ashirin ko talatin ga masu saye a shagonka zuwa wata rana. A satin da kowa ke yawo da leda yana neman mai karɓa, “in kin saya a nan akwai tela” ta fi ragin dubu ɗaya nauyi. Amma sai telan da ka san yana cika alƙawari, domin in ya saɓa, kai za a zo wa ranar jajibere.

Masu talla a waya su lura da abu ɗaya. Hoton kalar da ta ƙare a cire shi nan take, kuma a sanar da ranar ƙarshe ta tura kaya zuwa wani gari, a lissafa ta da kwanakin mota da na tela. Kayan da suka isa hannun mai su bayan telansa ya rufe, ko ba a dawo da su ba an rasa kwastoman.

Farashi kuma a riƙa sa shi da ido a kan sarin gobe. Tun da aka saki naira kasuwa ta riƙa yanka mata daraja a tsakiyar 2023, mai kayan waje yana iya sayar da turmi da riba a littafi, ya koma kasuwa ya tarar kuɗin ba zai sayo masa irinsa ba. Amma abin yana juyawa. A Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500, mutane suka yi ta rububin sari don tsoron ƙarin tashi, sai ga shi zuwa Afrilu, daidai lokacin Sallah, ta sauko ƙasa da 1,200. Wanda ya zuba jarinsa gaba ɗaya a rana ɗaya ya ɗaure kansa da farashin wannan ranar. Raba sari gida uku ba ya kawar da wannan haɗari, yana dai rage shi.

Babbar Sallah tana zuwa bayan kamar kwana saba'in, kuma kuskure ne a maimaita mata adadin Ƙarama. Kuɗin maigida na wajen rago, gidaje da yawa kuma kayan da aka ɗinka a azumi su ake sake sawa, ko a fito da kala ta biyu da aka ajiye. Littafin bara ne zai faɗa maka ko rabi ne ko ƙasa da haka a garinku. A shekarun nan tana faɗowa farkon damina, ranar 16 ga Yuni a 2024 da 6 ga Yuni a 2025, don haka abin da ya kwana a ɗaga shi daga ƙasa a kan katako, a nesanta shi da bango. 'Yan Kwari ba su manta da ambaliyar Agustan 2022 ba, wadda ta shiga shaguna ta jiƙa kaya masu yawa, kuma atamfar da ruwa ya taɓa ko ta bushe ba ta komawa farashinta.

Kasuwar ƙarshen shekara daban take. Kuɗin kaka ne da bukukuwan aure da Kirsimeti ke tafiyar da ita, kuma buƙatarta ta fi karkata ga lefe da anko, wato kala ɗaya mai yawa, saɓanin Sallah da kowa ke son tasa daban. Anko ba a saro shi da zato, sai an kawo samfuri an ba da kuɗi. Abin lura shi ne tazarar da ke tsakanin wannan kasuwa da ta azumi tana raguwa da kwana goma sha ɗaya duk shekara. Bisa lissafin kalanda, a 2030 azumi zai kama sau biyu, a farkon Janairu da kuma ƙarshen Disamba. Tun kafin a kai can, sarin farko na Sha'aban zai riƙa faɗowa a cikin Disamba, lokacin da jari ke ɗaure a kayan biki, Sallah kuma za ta koma cikin sanyin hunturu, inda yadi mai kauri da rigunan sanyin yara za su shiga jerin kayan goman ƙarshe.